Sitatimen Ɗin Kawu

Duk shekarun da na yi ina aiki a sashen biza na wani ofishin jakadanci a Abuja, mutanen gidanmu a Ƙaura ba su taɓa yarda cewa ba ni ke ba da biza ba. Na faɗa har na gaji. Aikina duba takardu ne. Mai neman biza ya kawo takardunsa, ni da abokan aikina mu bi su, abin da ranmu bai kwanta da shi ba mu rubuta wa bankin ko makarantar da aka ce ta bayar mu tambaya, sannan mu miƙa wa jami'in da ke yanke hukunci. Amma in na zo gida hutu, sai ka ji wata tsohuwa tana nuna ni da baki tana cewa ga wadda ke kai mutane Turai. Tun ina gyara musu har na bari.

A cikin takardun da ke wucewa ta gabana, wadda na fi sha'ani da ita ita ce takardar bayanin asusun banki, wadda kowa ke kira sitatimen. Ita ke nuna abin da ya shiga asusun mutum da abin da ya fita a 'yan watannin baya, don a ga ko zai iya ɗaukar nauyin kansa in ya je. Na ga na gaskiya, na ga na jabu, har ya kai ko a gida aka miƙo mini rasidin wuta sai na tsinci kaina ina bin lambobin da yatsa. Sitatimen na gaskiya ba ya da kyan gani. Akwai katin waya na ɗari biyu a ciki, akwai cajin banki da ke ɓata wa mutum rai, akwai ranar da asusun ya kusa komawa babu. Wanda aka yi wa kwalliya kuwa, sau da yawa kwalliyar ce ke tona shi.

Kawuna, wan Inna, falken shanu ne a Shinkafi. Duk wanda ya san karar Shinkafi, wato kasuwar shanu, ya san shi. Yana saye daga hannun Fulanin wajen Jangeru, ya loda a tirela zuwa Kudu, kuma yana da garkensa na kansa wanda ba ya son a tambaye shi adadinsa. Mutum ne mai rufin asiri sosai. Sai dai arzikinsa ba ya kwana a banki. Wani yana kan ƙafa huɗu, wani yana hannun abokan cinikinsa na Kudu da ke biya bayan sun sayar, wanda suka turo kuma yawanci ta asusun wani mai POS na bakin kara yake biyowa, Kawu ya karɓa a hannu ya koma cikin kara ya sake saye. Asusunsa na kansa, wanda ya buɗe a Ƙaura da daɗewa, sai jefi-jefi ake tunawa da shi.

Yana da 'ya, nas ce a asibiti a Zurmi. Ni da ita abokan wasa ne, 'yar mace da 'yar namiji, tun tana ƙarama nake tsokanarta ita ma ba ta raga mini. Yarinyar nan ta yi karatu da gaske. Tana aikin kwana tana karanta littafi, ta ci jarrabawar Turanci da ake nema, har wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin ƙarin karatu kan lafiyar mata masu juna biyu, ta kuma yafe mata rabin kuɗin makaranta. Sharaɗin shi ne ta je a wannan shekarar, in ba haka ba rangwamen ya wuce ta. Abin da ya rage mata biza, ita kuma biza tana son a nuna cewa ragowar kuɗin makaranta da na zama suna cikin asusunta ko na mahaifinta, kuma sun kwana a ciki kusan wata guda kafin a nema.

Na zo gida ne lokacin damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Washegari da hantsi sai ga Kawu ya iso daga Shinkafi da ita, da kwalbar man shanu da kaji a ɗaure. Da na ga kajin na san akwai magana. Aka gaisa, aka sha fura, sannan ya zaro wata ambulan daga aljihun babbar rigarsa ya aje a gabana.

Ya ce, "Ɗiyata, ga takardun ƙanwarki nan. An gama komi. Sati mai zuwa za ta Abuja a ɗauki yatsunta. Ke dai ki sa muna baki wurin Turawanku."

Na ce, "Kawu, ai ba ofishinmu za ta ba. Ƙasar da za ta daban, wadda nike ma aiki daban. Kuma ko namu na, ba a bari in taɓa takardar ɗan'uwana."

Ya ce, "Duk ba Turawa na ba? Ba su san juna ba?"

Inna ta yi dariya, ni ma na yi. Don dai kada a ce ban ko buɗe ambulan ɗin ba, na jawo ta na zazzage a kan tabarma. Takardar makaranta lafiya lau. Fasfo lafiya lau. Sai na ɗauko sitatimen ɗin Kawu, shafi biyar ko shida, da hatimin banki a kowane shafi. Ban kai ƙarshen shafin farko ba na gane akwai matsala.

Na ce bari in shiga ɗaki in sa tabarau, na yafito ƙanwar tawa ta biyo ni. Muka zauna a bakin gadon Inna, na buɗe taga don haske.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne kyansa. Kawun da na sani, wanda kuɗi ba ya ɗumama a hannunsa, ga shi a takarda miliyoyi na shigo masa a kai a kai suna zaune abinsu. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, mutum na iya canza hali. Sai na ɗauko waya na fara abin da muke fara yi a ofis, wato bin balas layi bayan layi. Kowane layi, in ka ɗauki balas ɗin da ke samansa ka ƙara abin da ya shigo ko ka cire abin da ya fita, dole ya ba ka balas ɗin da ke gefensa. Kwamfutar banki ba ta kuskuren wannan ko da kwabo. Shafin farko ya tafi daidai. A tsakiyar na biyu aka cire cajin saƙon waya amma balas bai motsa ba. Ƙarshen shafi na uku kuma da farkon na huɗu ba su ma san juna ba, kuɗin da aka kwana da shi daban, wanda aka tashi da shi daban.

Na koma saman shafin farko, inda banki ke sa ɗan akwati mai nuna jimillar abin da ya shiga da jimillar abin da ya fita. Wanda ya yi aikin ya canza balas na ƙarshe, ya manta da jimillar shiga. Tana nan yadda banki ya buga ta, 'yar ƙarama, ba ta kai ko ɗaya daga cikin manyan kuɗin da aka jera a ƙasa ba.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, kin hwara ko? Ke dai ba ki son in tahi in bar ki da zahin Abuja."

Na ce, "Malama nas, yau ba wasa nike ba. Matso ki gani."

Ta matso tana murmushi, don a zatonta tsokana ce irin wadda muka saba. Na nuna mata lambobin. A layukan manyan kuɗin, rubutun ya ɗan fi sauran kauri, kuma bai zauna a kan layi ɗaya da na sama da na ƙasa ba, ya ɗan zame hagu. Na nuna mata naira hamsin ɗin da ake cirewa a lokacin duk sanda aka turo wa mutum dubu goma ko fiye. Bayan ƙananan kuɗin da suka shigo, ga ta nan an cire. Bayan miliyoyin da aka ce an turo, babu ita ko sau ɗaya. Na nuna mata lambar shaidar tura kuɗi, wadda kowace shiga ke da tata, ga guda ɗaya ta fito sau biyu a watanni daban-daban. Ɗan ruwan da banki ke sawa a asusun ajiya a ƙarshen wata ma bai kai kuɗin kati ba, alhali an ce miliyoyi ne suka kwana a ciki.

Murmushin ya fara barin fuskarta. Na jera shafukan a kan gado na ce ta dubi hatimin. Mutum in yana buga hatimi da hannu, wani ya karkace, wani tawada ta yi yawa, wani ta yi kaɗan. Waɗannan duk a wuri ɗaya suke, da karkata iri ɗaya, har ɗan tabon tawadar da ke gefe iri ɗaya ne a kowane shafi. Na juya bayan takardar, babu alamar danshi ko dannawa. Hoton hatimi ne aka ɗora, firinta ta buga shi tare da sauran rubutun.

Sai na ga layin da ya sa na aje takardar na riƙe kai. An rubuta cewa Kawu ya kai kuɗi da hannunsa ya zuba a kantar banki a reshen Ƙaura. Na duba ranar a kalandar wayata. Ranar Babbar Sallah ce. Tura kuɗi ta waya yana shiga ko yaushe, ko Lahadi ko Sallah, amma babu kantar banki da ke buɗe ranar da kowa ke filin idi.

Na ce, "Wa ya ba ku wanga?"

Ta ce wani ejan ne mai yi wa mutane aikin biza, a Gusau. Kawu ya sa hannu banki ya turo wa ejan ɗin sitatimen ta imel, shi kuma ya ce zai shirya komai. Ta buɗe wayarta ta nuna mini fayil ɗin da ya turo mata. Na sa a kwamfutata na duba bayanan da ke bayan fayil ɗin, inda ake ganin manhajar da ta samar da shi da ranar da aka taɓa shi. Ga sunan wata manhajar gyaran takardu nan ɓaro-ɓaro, da ranar gyara kwanaki bayan ranar da banki ya fitar. A ofis an koya mana cewa alama ɗaya ba ta isa a kira takarda jabu, don bankuna ma suna da nasu shirmen, shi ya sa ake tambayar banki kafin a yanke. Amma wannan ko makon farko na fara aiki da na gane shi.

Ta ce, "To in sunka gane, sai su hana ni kawai in sake nema?"

Na ce mata a'a. Hana biza don kuɗi bai isa ba daban, hanawa don takardar ƙarya daban. Ƙasar da za ta ba ta wasa da na biyun, tana iya rufe wa mutum ƙofa har shekara goma. Kuma duk wata ƙasa da za ta nema nan gaba, fom ɗinsu zai tambaye ta ko an taɓa hana ta. Na ce ba sunan ejan ke kan fom ba, ba na Kawu ba, ita ce za ta sa hannu cewa duk abin da ta miƙa gaskiya ne. Ta bi shafukan da ke kan gadon da kallo.

Muka fito. Na durƙusa a gefen tabarmar Kawu, na zaɓi kalmomi iya zaɓena. Na ce wanda ya shirya takardar nan ya ƙara abin da banki bai rubuta ba. Na roƙe shi ya ba ni wayarsa, 'yar ƙaramar nan mai tocila, na nemo saƙon banki na ƙarshe na karanta masa balas ɗin, sannan na karanta masa wanda ke takarda.

Bai ko girgiza ba. Ya ce, "To ai na sani. Yaron ya gaya mani. Ya ce wanda banki ya turo ba ya da tsari, Bature ba ya gane shi, sai an gyara. Ke, ɗiyata, kuɗɗin da ya rubuta nan, ban da su? Ki zo Shinkafi in gwada maki abin da ya hi su. Ina ƙarya ta nan?"

Nan ne raina ya fara ɓaci, don ta wani gefen gaskiya ya faɗa. Yana da su, har ya fi. A wurinsa ejan bai yi komai ba illa rubuta wa Bature gaskiya da yaren da yake ji. Na yi ta bayani. Na ce ba tambayarsu ko kana da shanu ba, tambayarsu ko banki ne ya rubuta wannan takardar, kuma za su iya aika wa bankin su tambaya, bankin kuma ba zai rufa wa kowa asiri ba. Na ce akwai hanyar gaskiya: ya sayar da abin da zai sayar, ya karɓi rasidin kara, ya sa abokan cinikinsa su turo kai tsaye cikin asusunsa, kuɗin su kwana yadda doka ta ce, a karɓo sitatimen daga banki, a haɗa da bayanin sana'arsa. Ya tambaya ko hakan zai yiwu kafin a buɗe makaranta. Na lissafa, na ce da wuya, sai dai a roƙi makarantar ta ɗaga mata, ko da rangwamen zai tafi. Na ce gara a rasa rabin kuɗin makaranta da a rasa shekara goma.

Sai ya ce, "Kin san ko wa na yaron ga?"

Ban sani ba. Ashe ƙanen mijin babbar 'yarsa ne. Suruki. Shi ya yi wa Kawu bizar Umra, shi ya yi wa rabin 'yan kara, kuma wannan aikin bai karɓi ko sisi ba, ya ce ai gida ne. Kawu ya ce, "In maida mashi takarda in ce mi? In ce ɗiyar ƙanwata ta ce kai maƙaryaci na? Da wane ido zan dubi ubanshi? Ɗiyata na cikin gidansu da ɗiya huɗu."

Na ce ba sai an ce masa komai ba, a aje takardar kawai. Ya ce yaron ne ya cika fom, shi zai ɗora takardun a intanet, shi ya ce zai raka ta Abuja a motarsa. Babu yadda za a zame ba tare da ya sani ba. Na ce to a ba ni shi a waya. Kawu bai so ba, amma ƙanwata ta kira ta miƙo mini.

Mutumin yana da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Hajiya sama, Hajiya ƙasa. Na ce masa balas bai haɗu ba a wuri biyu, kuma ya sa an zuba kuɗi a kanta ranar Sallah. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, ai ba su dubawa haka. Takardu nawa ke gabansu? Mun yi ma mutane da yawa, sun tahi." Na ce ni aikina ke nan kullum, dubawa haka. Ya ce to in akwai inda na ga kuskure in yi masa alama, zai gyara kafin a ɗora. Wallahi sai da na cire wayar daga kunnena na dube ta. Wato ni zan zauna in nuna masa yadda zai inganta jabunsa. Na ce masa ba zan yi ba, kuma muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata a gaban Kawu.

Kawu ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Ya ce hanya ba ta da kyau, gara su kama ta kafin la'asar. Ya tattara takardun da kansa ya mayar cikin ambulan. Bai yi mini faɗa ba. Inna ya kalla ya ce, "Boko ya yi ma ɗiyarki yawa."

Bayan sun tafi Inna ta hau ni. Ba ta ce na yi ƙarya ba, cewa ta yi ban iya magana ba. Wai da na bari ya koma gida, ita ta bi shi a hankali ta ɓullo masa ta wata hanya, yanzu kuwa na yi wa surukinsa tsawa a kunnensa, ko don kunya dole ya tsaya a bayansa. Na ce Inna, shekara goma fa ake magana. Ta ce, "Shi kuma auren ɗiya tai yaka magana." Na shiga ɗaki na kwanta da takaici. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, baƙi daga ko'ina ina gano irin wannan a takardunsu cikin 'yan mintoci, ga na gidanmu na gano tun kafin a miƙa, da sauran lokacin gyara, amma ba ni da ikon hana shi.

Na koma kan ƙanwata, don ita ce mai sa hannu. Kafin in bar Ƙaura na je har Zurmi na same ta a asibiti, muka tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a bayan ɗakin haihuwa. Na ce mata ita ba yarinya ba ce, ta ce ba ta zuwa, ta ce ba ta da lafiya, ta ce komai. Ta ce ta gane duk abin da na nuna mata, ko a barci lambobin nan take gani. Amma babanta ya riga ya sa an yi mata addu'ar tafiya a masallacin unguwa, yayarta ta kira ta tana kuka wai ana yi mata habaici a gidan miji. Ta ce, "Yaya, in na ƙi, ni ta na ɓata zumunci. In na je anka hana ni, ƙaddara ta." Na ce wannan ba ƙaddara ba ce, ganganci ne. Aka leƙo aka kira ta, wata mata ta fara naƙuda, ta share ido da gefen hijabi ta shiga.

Ta zo Abuja, a gidana ma ta kwana. Ban sake tayar da maganar ba, don takardun an riga an ɗora su. Na soya mata ƙwai da safe na sa ta a mota.

Amsar ta zo bayan 'yan makonni. Ta turo mini hoton wasiƙar ba tare da ta rubuta ko kalma ba. Ba su yi dogon bayani ba. Sun ce sun tuntuɓi bankin, bankin ya tabbatar asusun na mai sunan ne amma bayanan da ke takardar ba su dace da nasu ba, don haka sun gamsu an miƙa takardar ƙarya. Sakin layi na ƙarshe shi ne na shekara goman. Na karanta a teburina a ofis, da tarin takardun wasu mutane a gabana. Ban ji daɗin cewa maganata ta fito ba ko kaɗan. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska na dawo na ci gaba da aiki.

Ejan ya ce wa Kawu sa'a ce ba a yi ba, kuma wai wani ne a banki ya yi musu hassada. Kawu bai ce masa komai ba, har yau suna gaisawa. Ita kuma ƙanwata ba ta iya karanta wa mahaifinta sakin layi na ƙarshe ba. Ta ce masa an hana ne saboda takardar banki, ta tsaya a nan. Inna ta sani, ita ma ta yi shiru. Ni kuma ban san haka ba, ga shi Kawu ya daina ɗaga wayata, don haka na ɗauka sun gaya masa.

Sai bayan kaka na sake zuwa gida. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wa Inna zogale na ji sallamarsa. Ya rame. Muka gaisa sama-sama, ya zauna a kan tabarma, ya zaro ambulan sabuwa ya aje a gabana, ya tura ta da yatsa.

Ya ce, "Duba wanga."

Sitatimen ne. Na bi shi yadda na saba. Balas ya haɗu daga layin farko har na ƙarshe. Naira hamsin na bin kowace shiga. Hatimin ya karkace a wani shafi, a wani tawada ta yi yawa har ta fito ta baya. Sunayen abokan cinikinsa na Kudu ne a jere, kowa da abin da ya turo, kuma kuɗin sun fi wata biyu a zaune ba a taɓa su ba. A ƙarƙashin sitatimen ɗin ga rasidan kara, an haɗa su da allura. Na fara ƙirga rasidan, da na ga yawansu na daina. Garken ne ya sayar, kusan duka.

Ya ce, "Ni da kaina na je banki na tsaya har anka buga. Ban bari kowa ya taɓa ba. Yadda kinka ce, hakanan na yi. Akwai kuskure?"

Na ce, "Babu, Kawu. Ko ɗaya."

Ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Rangwamen ya wuce, ba komi, zan biya duka. Yaushe za ta sake nema?"

Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai cikin kwanon zogale. Na gane babu wanda ya gaya masa, kuma an bar mini. Na matsa kusa da shi na faɗa masa a hankali, da Hausa mai sauƙi, ban rage ko shekara ɗaya ba.

Leɓunansa na motsi, na ga yana lanƙwasa yatsu, na zaci kuɗi yake lissafawa. Sai ya ɗago ya dubi Inna.

Ya ce, "Goma. Ke kin san shekaruna. Ina kaiwa?"